Gayyar Danna Talla

Ranar da ɓarayin daji suka kore shanun gidan marigayi Malam Abdulhakim na Zakka, sa ɗaya tal suka bari, shi ma ba don tausayi ba. Ƙafa ce ke masa ciwo, aka ɗaure shi a bayan rumbu, idonsu bai kai can ba. Kowa kuwa ya sani sa ɗaya ba ya jan garma, sai dai ya ci harawa ya kwanta.

Habu, babban ɗan gidan, ya shekara yana tara kuɗin gyaɗa don ya saya wa san nan abokin huɗa. Kuɗin sun kusa kai wa sai ƙanensa Ubaidullahi ya zo masa da wata magana. Ubaidullahi malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare a Batsari, mai albashin da ba ya ganin tsakiyar wata. Ya ce ya koyi haɗa wasan waya, so yake ya sa dara a ciki, irin wadda tsofaffi ke yi a gindin bedi da tsinke da tsakuwa, amma sai da kwamfuta da ɗan faifan sola. Habu bai gane ko rabin bayanin ba. Ya dai dubi ƙanensa, ya shiga ɗaki ya ɗauko kuɗin yadda suke a ƙulle ya miƙa masa. Daminar nan da hauya ya yi ta, hatsin da ya samu bai kai su bazara ba.

Da kaka ta wuce ya faɗi tasa, a gaban mahaifiyarsu Inna Kulu. Ya ce in ruwan baɗi ya sauka babu sa na biyu, zai sayar da na gidan ya bar wa iyali abinci, shi kuma ya tafi haƙar zinari. Inna Kulu ta saki ludayin da ke hannunta. Can ne ɗanta na tsakiya, Mannir, ya tafi shekaru biyu da suka wuce, rami ya rufta da shi, ko gawarsa ba a kawo ba. Daga ranar Ubaidullahi bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Ya san kwamfutar da ke kan tebirinsa ita ce san da ba a saya ba, kuma in ba ta haifi sa kafin shuka ba, yayansa zai bi hanyar Mannir.

Wasan dai kyauta ake sauke shi, don Bahaushe ba ya sayen abin da zai iya yi a ƙasa da tsakuwa. Ta hanya biyu kuɗi ke shigowa. Ta farko talla: in an gama wasa sai ta fito ta rufe fuskar waya, ko kuma in mutum ya yi kuskure yana son a kwance masa takunsa, sai ya zaɓi ya kalli ɗan bidiyon talla a yafe masa. Wani kamfanin ƙasar waje ne ke turo tallar, ya karɓi kuɗi wurin masu haja, ya cire nasa, ya rubuta wa mai wasa saura. Ba kowane ido ke da farashi ɗaya ba. Sai mutanen gida sun kalli talla dubu sannan a samu abin da bai kai dala guda ba, alhali dubun 'yan Saudiyya kan ninka haka sau da yawa, saboda can masu haja sun fi ƙoƙarin tayi. Hanya ta biyu saye a cikin wasa: wanda ya gaji da talla ya biya sau ɗaya a cire masa ita, ko ya sayi 'ya'yan dara masu ado. Nan kam Ubaidullahi ya sha takaici. Cikin mutum ɗari da ƙyar ɗaya ke niyyar saye, shi ma ɗin in ya sa katin banki sau tari sai ya ƙi wucewa. In Allah ya sa ya wuce, shagon manhajoji ya zare sha biyar cikin ɗari.

Wata da watanni abin da ke shigowa bai wuce na data ba. Kamfanin talla ba ya biya sai kuɗi sun cika dala ɗari, kuma na wannan wata sai wajen ashirin da ɗaya ga wata mai zuwa. Sai a azumi abin ya buɗe. Wani direba ɗan Daura da ke Jidda ya ɗauki kansa yana fafatawa da wayarsa yana zage-zage, bidiyon ya zaga. Hausawan Saudiyya da na Gana da na Nijar suka yi ta saukewa, ga dogon yini ga jiran shan ruwa, ga masu haja suna zuba kuɗin tallan salla. Ubaidullahi ya riƙa buɗe shafin asusunsa yana rufewa kamar mai leƙen tukunya a ranar yunwa.

Da ya je gida salla, bayan an sauko idi, aka zauna a zaure. Bai taɓa zuwa Zakka da labari mai daɗi irin wannan ba, kuma daɗin ya kwashe shi.

"Yaya, sa ya kusa," ya ce. "Abin da ya taru watan nan ya kai kashi uku cikin huɗu na kuɗin matashin sa. Duk abin da ya shigo kafin wata ya mutu, ashirin da ɗaya ga na gobe yana banki."

Habu ya gyara zama. "To sauran kashin hwa?"

"Allah na nan. Zan nema."

"Tsaya, Ubaidu. Wagga talla, wanda ya kalle ta da wanda ya dangwala mata yatsa, duk ɗaya suke?"

"Ina! Dannawa ta fi. Wata tallar, dannawa ɗaya ta fi kallo ɗari, don alama ce mutum na son kayan."

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ɗaya rabin, wanda ya karanta tun ranar da ya buɗe asusun, shi ne haramun ne mai wasa ya danna tallarsa ko ya sa wani ya danna masa, kuma wanda aka kama an rufe shi ke nan. Ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Sai dai a lokacin mutane sun zuba masa ido ana ta "ikon Allah", ga Barira matar Habu ta turo tuwon salla, maganar ta bi iska. Baki shi ke yanka wuya.

Washegari ya koma Batsari. Kwana uku bayan haka, da hantsi, ya buɗe shafin ya ga kuɗin jiya sun ninka na shekaranjiya. Murna ta fara taso masa, sai idonsa ya sauka kan layin dannawa. A da, cikin talla ɗari ɗaya ko biyu ake dannawa. Yanzu a Najeriya kaɗai abin ya yi tsallen da hankali ba zai ɗauka ba, alhali masu wasa ba su ƙaru ba. Yana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Sharhabilu ne, mai rumfar cajin waya a Zakka, ya turo bidiyo: maza zaune a tabarmi, kowa ya sunkuya kan waya, muryar Sharhabilu na dariya tana cewa, "Malam, ga mu nan kan aikinka tun jiya!"

Ya kira Habu, ba ta shiga ba. Ya kira Sharhabilu, shi ma haka. Ya shiga asusun ya tsayar da tallar gaba ɗaya, ya rubuta wa kamfanin cewa an yi dannawar da ba da saninsa ba. Sannan ya fita ko ƙofa bai tsaya kullewa da kyau ba, ya tare ɗan acaba, ya ce Safana, daga can Zakka. Ɗan acaban ya ce hanyar ba lafiya sosai, sai an ƙara masa. Bai yi ciniki ba.

Rumfar Sharhabilu tana kan tudu kusa da firamare, wurin da sabis ke ɗan kamawa. Gayya ce sosai Habu ya kira, irin wadda ake kira in gona ta fi ƙarfin mai ita. Ya bi gida gida ya gaya, kuma mutanen Zakka ba sa ƙin gayyar Habu, don shi bai taɓa ƙin ta kowa ba. Ya sayar da akuyar Barira ya cika ɗan akwatin intanet na Sharhabilu da data, duk wayoyin suka hau kansa, har da waɗanda aka kawo caji masu su na gona. Ga ƙwaryar fura, ga dambu a babban faranti. Ganga kaɗai ce babu, don yanzu ba mai son amon da zai kai kunnen daji.

Da suka hango Ubaidullahi aka ɗau shewa. Habu ya taso da fara'ar da Ubaidullahi ya daɗe bai gani a fuskarsa ba.

"Maraba da mai gona! Ai ka makara, mun nome ta tas. Tun ɗazu ko talla ɗaya ba ta sake hitowa ba."

"Ni na tsayar da ita."

"Kai? Don mi?"

"Wa ya sa ku? Wa ya ce ku yi wannan?" Muryarsa ta fita da ƙarfin da bai shirya ba. "Yaya, ka kashe ni! Kun san abin da kuka yi kuwa?"

A Zakka ƙane ba ya ɗaga wa wa murya, balle a gaban mutanen da suka bar aikinsu suka zo taya shi. Tsoho Gambo, ƙanen mahaifinsu, wanda aka koya wa dannawa da babban yatsa, ya ajiye wayar da ke hannunsa a hankali.

"Ubaidu," ya ce, "yayanka ne hwa. Yi mana bayani, mu ba mu sani ba."

Ubaidullahi ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Mai haja biya yake don a kawo masa mai saye. In na'urarsu ta ga wayoyi da yawa a kan layi ɗaya, a wuri ɗaya, suna ta dannawa suna fita ba wanda ya tsaya duba kaya, sai ta ce sata ce. Ta ce ni na shirya."

"Sata?" Habu ya maimaita. "Mu da muka zauna yini biyu da yatsunmu? Wa muka sata?"

"Haka dokarsu take."

"To ka gaya masu 'yan uwanka ne. Ka ce gayya muka yi maka."

"Yaya, abin da suka hana ke nan."

Habu ya dube shi ya ce, a hankali, "Ranar salla ka sani?"

Ubaidullahi ya sunkuyar da kai. Mutane suka fara zare wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa Allah ya kyauta, ba mai duban wani. Dambun nan ko rabi ba a ci ba, Barira ta aiko aka mayar da shi gida.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi ranar kanta wuya. Ubaidullahi ya mayar da tallar, don kowane yini da ta yi a rufe asara ce, kuma kamfanin ya yi shiru. Wata ya mutu, adadin ya tsaya a shafin, ba a taɓa shi ba. Ubaidullahi ya fara ce wa kansa wataƙila takardar da ya rubuta ta yi aiki, wataƙila za su zare na gayyar kawai su bar masa halaliyarsa, don an ce wani lokaci haka suke yi. Ya yi ta koyar da lissafi bai san abin da yake rubutawa a allo ba. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, ya watse. Sau biyu ya kira Habu, suka gaisa, suka tambayi lafiyar Inna, ba wanda ya ta da zancen.

Saura mako guda a biya saƙon ya shigo, yana ofishin malamai. Gajere ne, ba suna, ba sa hannu. An rufe asusun saboda dannawar bogi. Kuɗin da ba a biya ba an riƙe su, za a mayar wa masu haja abin da ya shafe su, in akwai saura sai bayan an gama bincike. Ba zai sake buɗe wani asusu da su ba. Yana da damar ɗaukaka ƙara.

Ya ɗaukaka. Ya zauna ya zayyana komai da Turancinsa mafi kyau: mene ne gayya, wane ne Habu, yadda shi da kansa ya tsayar da tallar ya kai rahoto, da matakan da zai ɗauka don kada a sake. Ya karanta abin da ya rubuta, ya ga da hannunsa ya tabbatar musu cewa danginsa ne suka danna don ya samu kuɗi. Ya rasa ƙaryar da zai sa a wurin, ya tura haka nan. Amsar ta zo da sauri, ta ce an duba, hukunci na nan yadda yake. Wani baƙin ciki ya cika shi wanda bai san inda zai kai shi ba. Ba ofishin da zai je ya durƙusa, ba dattijon da zai tura ya ba da baki. Da mutum ne ya riƙe kuɗin, da Baba Gambo ya sa hularsa ya je.

Wasan bai mutu ba, shi ne abin haushin. Dubban mutane na ta dararsu, har wasu na rubuta godiya cewa an cire musu talla. Akwai wasu kamfanonin tallan, ya kuwa nemi ɗaya, amma sai ya sake gyara wasan ya tura sabo, mutane su sabunta, a fara tarawa daga sifili, biyan farko kuma sai damina ta yi nisa. Kuɗin saye a cikin wasa, da yake ta shagon manhajoji suke bi, su kam sun shigo. Da ya canza su, buhun gero ɗaya suka saya da 'yan canji. Ya nemi rance a makaranta, aka ce layi ya yi tsawo.

Ya ɗora buhun a bayan babur ya kai Zakka. A daren jiya an yi ruwan farko, ƙasa ta yi laushi, masu shanu sun fita tun asuba. Turken bayan rumbu babu kowa, sai igiya. Habu ya riga ya kai san kasuwa.

Inna Kulu ba ta yi masa faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta amsa gaisuwarsa, ta sa wa geron albarka, ta juya fuskarta bango. Barira na tsakar gida tana ɗaure garin rogo da ƙuli-ƙuli a leda, idonta jajir.

Washegari Ubaidullahi ya raka Habu tashar Safana. Sai da aka fara loda motar Habu ya ja shi gefe.

"Tambaya ɗaya zan maka, Ubaidu, don Allah kada ka ɓoye mani. Da ban kira gayyar nan ba, da an biya?"

Ubaidullahi ya so ya ce a'a. Ya so ya ce kamfanin dama macuta ne, ko yaya aka yi sai sun riƙe. Bakinsa ya ƙi.

"Da an biya," ya ce. "Amma da na faɗa maka ranar salla, da ba ka kira ba. Laifina ne, Yaya. Ka tsaya. Zan sayar da kwamfutar, mu haɗa da kuɗin san..."

"A sayi mi? Kwamfutar da ta tsuhwa? Ko maraƙi ba ta yi. In kuma an taɓa kuɗin san, yaran su ci mi har kaka?" Ya girgiza kai. "Bar ta. Ita kaɗai ta rage mai haihuwa a gidanmu. Ka ci gaba da abinka, ka riƙa leƙa Inna."

Kwandasta ya buga jikin mota yana kiran saura mutum ɗaya. Habu ya saɓa ledarsa, ya yi taku biyu, ya dawo.

"Can ba a cika samun caji ba, kuma an ce ana karɓe waya a bakin rami. In ka ga baƙuwar lamba, ka ɗauka, ko kana cikin aji. Lokacin Mannir sau uku suka kira ni ina gona, na zaci masu damfara ne ban ɗaga ba. Da na ɗaga da wuri, da mun iske ba su binne shi ba."

Ya shiga, aka ja ƙofa. Ubaidullahi ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya zaro wayarsa ya cire ta daga shiru, ya ƙure mata ƙara.